Kyanwar cikin gida ko mai yawo a waje: wacce ta fi daɗewa a duniya?

Duk wanda ya taɓa riƙe kyanwa ya san wannan rikicin. Ta zauna bakin ƙofa tana ta kuka tana kartar ƙyaure, kai kuma kana ta saƙa da warwara, in ka buɗe mata kana tsoron mota da kare, in ka kulle ta kana ganin kamar ka sa ta a kurkuku. Sai kuma ka ji ana ta yawo da wata magana wai kyanwar cikin gida tana kaiwa shekara 15 zuwa 20, ta waje kuma shekara 2 zuwa 5 kawai ta mutu. Maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma an haɗa abu biyu da ba iri ɗaya ba, domin wannan 2 zuwa 5 ɗin ya fi dacewa da kyanwar titi wadda ba ta da mai ita, ba allura ba abinci ba wurin kwana. Kyanwarka da take fita ta dawo ta ci abinci ta kwana a ɗaki, lissafinta daban ne.

Kyanwar da ake kula da ita yawanci tana yin shekara 12 zuwa 15, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ta haura 18. Wani bincike da kwalejin likitancin dabbobi ta Royal da ke Landan ta fitar a 2015, a kan maguna wajen dubu huɗu da suka mutu a Ingila, ya nuna rabinsu sun kai shekara 14 ko sun wuce, alhali a Ingila yawancin maguna ana barinsu su fita. Wadda ta fi kowacce daɗewa a tarihin da aka rubuta ita ce Creme Puff ta garin Austin a jihar Texas, an haife ta a 1967 ta mutu a 2005, shekara 38 ke nan, amma wannan ba abin da mutum zai ɗora lissafinsa a kai ba ne. In kana so ka kwatanta da shekarun mutum, 'yar shekara 1 kamar ɗan shekara 15 ce, 'yar shekara 2 kamar ɗan 24, daga nan kowace shekara ka ƙara 4. Wato kyanwa 'yar shekara 14 tsohuwa ce mai shekara 72.

Da me za mu auna

Ni dai abu biyar nake dubawa. Tsawon rai shi ne na farko, sai irin haɗarin da ke kashe ta da kuma a wane shekaru yake zuwa, sai kuɗin da za ka kashe (na kullum da na gaggawa, don ba ɗaya ba ne), sai wahalar da kai za ka sha kowace rana, sai jin daɗin ita kanta kyanwar. Na biyun nan shi ne mutane suka fi tsallakewa kuma a wurinsa amsar take. A binciken Ingila ɗin nan, magunan da suka mutu kafin su kai shekara 5 kusan rabinsu rauni ne ya kashe su, mafi yawa mota, waɗanda suka wuce 5 kuma ciwon ƙoda ne a gaba, sai kansa da sauran cututtukan tsufa. To ka ga waje ba wai yana cire wa kowace kyanwa shekara kaza ba ne kamar haraji. Yana kashe wasu ne tun suna ƙanana farat ɗaya, waɗanda suka tsallake wannan lokacin sai ka ga sun tsufa kamar 'yan uwansu na ɗaki. Shi ya sa wani zai ce maka ai tawa shekara 17 tana yawo ba abin da ya same ta, kuma ba ƙarya yake ba, sai dai 'yan uwanta da mota ta take suna wata tara ba wanda ke ba da labarinsu.

Zaɓi na farko: cikin gida kawai

A nan ka cire mota, kare, faɗa da wasu maguna, gubar ɓera ta maƙwabta da mugun mutum, duk lokaci ɗaya. Ka kuma rage manyan cututtuka biyu da ake ɗauka daga wata kyanwa, wato FIV da ke karya garkuwar jiki wadda cizo ne babbar hanyarta, da FeLV da ke bi ta yawu, wajen lasar juna ko cin abinci a kwano ɗaya. Ƙuma da tsutsar ciki ma suna raguwa sosai, wani nazari na 2019 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya samu cewa mai fita waje ta ninka ta cikin gida kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da irin waɗannan.

Amma fa ɗaki ma yana da nasa makasan, sai dai su a hankali suke aiki. Babba ita ce ƙiba. Kyanwa ta saba da farauta, ta kama ƙaramin abu ta ci ta sake tashi nema, yanzu ga kwano cike dare da rana ga kujera mai laushi, sai ta koma ci da barci. Matsakaiciyar kyanwa nauyinta kilo 4 ne zuwa 4 da rabi, in ta kai 6 to ta ɗauko hanyar ciwon suga da ciwon gaɓoɓi. Yadda za ka gane ba sai da sikeli ba, ka shafa haƙarƙarinta, ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, in kuma ka kalle ta daga sama ka ga ƙugu ya ɗan shiga. In ta zama kamar tulu to aiki ya same ka. Kar kuma ka ce za ka hana ta abinci don ta rame da sauri, kyanwa mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse yana taruwa a hantarta ya iya kashe ta, ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin watanni.

Na biyu matsalar fitsari, musamman ga muzuru. Rashin motsi, ƙarancin shan ruwa da damuwa suna kawo kumburin mafitsara, shi kuma namiji hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. In ka ga yana ta zuwa wurin yashin da yake ba-haya yana tsugunawa yana nishi ba abin da ke fita, ko ɗigo-ɗigo da jini, yana lasar wurin, kar ka ce bari mu gani zuwa gobe, toshewar nan tana iya kashewa cikin kwana biyu zuwa uku. Mutane da yawa suna ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, nan ake yin asara.

Sai ƙananan abubuwa da ba a ɗauka da muhimmanci, zare da igiya da take haɗiyewa su naɗe hanji, faɗowa daga tagar bene, furen lili da ke lalata ƙoda, da farasitamol wanda ƙwaya ɗaya tak tana iya halaka kyanwa. Wallahi wannan na ƙarshen ya kamata a rubuta a jikin kowace ƙofa.

Ta fannin kuɗi, kullum kana sayen yashin ba-haya da kayan wasa, amma kuɗin gaggawa kaɗan ne. Ta fannin wahala kuwa shi ne ya fi kowanne cin lokacinka: kwashe yashi kullum, ajiye robar yashi fiye da yawan magunan da ɗaya (in biyu ne robobi uku), wurin hawa sama, abin kartawa, da wasa na minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana. In ba za ka iya wannan ba ka dai tsawaita mata rai amma ba ka kyauta mata ba.

Zaɓi na biyu: shiga da fita yadda ta ga dama

Wannan shi ne mafi sauƙi a wurin mai gida, kuma ita kanta kyanwar tana samun abin da jikinta ke so, hawa bishiya, farauta, shan rana, ba ta cika yin teɓa ba. Ga wani abu da zai ba ka mamaki: jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta duba bayanan maguna sama da dubu uku da aka yi wa binciken gawa a asibitinta, ta fitar a 2022, sai aka ga tsakiyar shekarun mutuwar na cikin gida 9.4 ne, masu shiga da fita 9.8, na waje kawai 7.3. Wato tsakanin biyun farko kusan babu bambanci. Sai dai a yi hattara da wannan lissafin, magunan da aka kai babban asibiti ne da rashin lafiya shi ya sa shekarun duk suka yi ƙasa, kuma wadda mota ta take a titi ko ta ɓata ba ta dawo ba ba lallai ta shiga cikinsa ba. Duk da haka ya isa ya nuna cewa fita kaɗai ba hukuncin kisa ba ce.

Abin da ke raba mai daɗewa da mai mutuwa da wuri a wannan zaɓin abu uku ne, shekarunta, ko an yi mata fiɗiya, da irin wurin da gidan yake. Waɗanda mota ta fi bugewa ƙanana ne, daga wata shida ko bakwai zuwa shekara 2, maza sun fi mata, kuma da dare abin ya fi faruwa. Muzurun da ba a dandaƙe ba shi ne ya fi kowa shiga uku, in ya ji ƙanshin mace zai tsallaka titi nawa ne ma bai damu ba, ya yi kwana uku bai dawo ba, ya dawo da kunne a yage. Kowane cizo kuma ƙofa ce ta FIV, ga ƙurji, don haƙorin kyanwa siriri ne, yana huda fata ramin ya rufe da ƙwayoyin cuta a ciki, bayan kwana biyu zuwa huɗu sai ka ga wurin ya kumbura da zafi, ya daina cin abinci, daga baya ya fashe da mugunya mai wari. Macen da ba a cire wa mahaifa ba ita kuma tun tana wata huɗu ko biyar za ta iya ɗaukar ciki, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, jiki ya ƙare, ga haɗarin ruɓewar mahaifa da kansar nono daga baya. A binciken Davis ɗin nan ma tazarar da ke tsakanin waɗanda aka yi wa fiɗiya da waɗanda ba a yi wa ba ta fi tazarar da ke tsakanin gida da waje girma nesa ba kusa ba. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya kawai, kulle ƙofa ko fiɗiya, ni fiɗiya zan ɗauka.

Kuɗin wannan zaɓin yaudara gare shi. Kullum kamar ba ka kashe komai, amma dole allurar rigakafi ta cika har da ta haukan kare da ta FeLV, maganin ƙuma da na tsutsa a kai a kai, sannan ranar da ta dawo da karyayyen ƙugu sai ka biya a rana ɗaya abin da ya fi kuɗin yashin shekara da shekaru. Af, kan maganin ƙuma, kar ka taɓa ɗiga mata na kare, in ka ga an rubuta permethrin a jikin kwalin ka ajiye shi, yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Akwai kuma abin da ba a jikinta yake ba, tsuntsaye da ƙadangaru da take kashewa ko da a ƙoshe take.

Zaɓi na uku: fita mai iyaka

Wannan tsakiya ce kuma kala-kala ce. Akwai mai rufe baranda ko wani ɓangaren tsakar gida da raga har sama, akwai mai sa wa katanga raga mai lanƙwasowa ciki yadda ba za ta iya haurawa ba, akwai mai koya mata ɗamarar ƙirji da igiya ya riƙa fita da ita, akwai kuma mafi araha, wato a bar ta ta fita da rana kawai a kulle ta kafin duhu. Uku na farkon ta fuskar haɗari kusan ɗaya suke da zaman ɗaki, sai dai ƙuma da tsutsa da har yanzu za ta iya kwasowa, don haka magani bai faɗi ba. Na huɗun bai kai su tsaro ba, mota tana nan da rana ma, amma ya cire lokacin da faɗa da haɗari suka fi yawa. Raga kuɗinta sau ɗaya ne kuma tana daɗewa in ka riƙa duba inda ta ɓalle, domin kyanwa in dai kanta ya shige rami to jikin ma zai bi. Ita igiya ba kowace kyanwa ke yarda ba, wata da ka ɗaura mata sai ta kwanta ta ƙi motsi kamar an yi mata asiri, ƙanana sun fi saurin sabawa.

Zaɓi na huɗu: waje kawai

A nan ba sai na ja magana ba. Kyanwar da ke kwana waje, ko ana ɗan ba ta abinci, ita ce ta fi gajeren rai, kuma ba don haɗarin ya fi yawa kaɗai ba, har da cewa ba wanda ke ganinta da kyau balle ya lura ta fara ramewa ko tana yawan shan ruwa. 'Ya'yan da aka haifa a waje kuwa, wani bincike a jihar Karolina ta Arewa ya samu uku cikin huɗu sun mutu ko sun ɓace kafin wata shida. Irin waɗannan ne lissafin shekara 2 zuwa 5 ɗin ya fi dacewa da su.

| Ma'auni | Cikin gida kawai | Shiga da fita | Fita mai iyaka | Waje kawai |
|---|---|---|---|---|
| Tsawon rai | Mai tsawo, in an hana ƙiba | Ya danganta da wuri da fiɗiya | Mai tsawo | Mafi gajarta |
| Babban haɗari | Ƙiba, suga, toshewar fitsari | Mota, cizo, guba | Tserewa, ƙuma | Duka, ga rashin kulawa |
| Lokacin haɗarin | Tsakiyar rayuwa zuwa tsufa | Shekara 2 na farko | Ba wani takamaimai | Tun daga haihuwa |
| Kuɗi | Kullum, daidai gwargwado | Kaɗan kullum, mai yawa a gaggawa | Mai yawa sau ɗaya | Kaɗan |
| Wahalarka | Mai yawa | Kaɗan | Matsakaiciya | Kusan babu |

Mu ɗauki misali

A ce kana da ɗan muzuru mai wata biyar, gidanka na ƙasa ne da ɗan fili a baya, titi mai motoci kuma bai fi tafiyar minti biyu ba. Ya fara kuka bakin ƙofa. Me za ka yi? Abu na farko ka duba allurarsa, ana farawa ne yana sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, ta haukan kare kuma daga sati 12. In ba su cika ba maganar fita ma ba ta taso ba. Na biyu a dandaƙe shi yanzu, tsakanin wata huɗu zuwa shida, kafin ya koyi yawo da fesa fitsari a bango, don in ya riga ya saba ko an yi daga baya wani lokaci halin ba ya barinsa duka. Na uku ka tuna yanzu ne yake shiga shekarun da mota ta fi kashe irinsa, ga titi a kusa, saboda haka buɗe masa ƙofa ya tafi inda ya so shi ne mafi munin abin da za ka zaɓa a wannan gidan. Ni a nan filin bayan zan rufe da raga. In ba hali, ya zauna ciki da wasa sosai har ya wuce shekara 2 sannan a sake duba lamarin.

Da a ce gidan nan a ƙarshen lungu yake ba mota sai jefi-jefi, sai in yarda da fitar rana. Yadda ake yi, ka fitar da shi da safe kafin ya ci abinci, ka tsaya tare da shi minti goma, ka kira shi da ƙarar kwano ko wani sauti guda da ba ka canzawa, ya shigo ya ci. Kullum ka ƙara lokacin kaɗan, babban abincinsa kuma ka mayar da shi yamma kafin rana ta faɗi, yana shigowa ka rufe. Yunwa ce ke dawo da kyanwa gida a kan lokaci, in ka cika masa ciki da la'asar ka buɗe ƙofa to sai dai ku haɗu da asuba. Bayan an yi fiɗiya kuma ka rage masa abinci kaɗan don buƙatar jikinsa tana sauka amma cinsa yana ƙaruwa, a nan ne yawancin teɓar ke farawa.

To wanne ya dace da wa

In a bene kake ko kusa da babban titi, cikin gida kawai, ka sa raga a tagogi, ka auna abinci ka daina cika kwano. Haka ma in kyanwar tana ɗauke da FIV ko FeLV, ko kurma ce, ko ba ta gani sosai, ko ta tsufa ƙafa ta fara nauyi, ita da waje sai dai ta taga.

In kana da fili kuma za ka iya kashe kuɗi sau ɗaya, raga ita ce ta fi haɗa tsawon rai da jin daɗi, musamman ga ƙaramar kyanwa mai ƙiriniya da ɗaki ba ya isarta.

In wurinku shiru ne, kyanwar ta wuce shekara 2, an yi fiɗiya, allura ta cika, to fitar rana da kwana a ciki zaɓi ne mai kyau, ba sai kana jin laifi ba. Babbar kyanwar da ta shekara tana yawo kuma kar ka kulle ta rana ɗaya, damuwar kan jawo mata ciwon mafitsara da fitsari a kan gado, ka fara da dare tukuna, ka riƙa rage awannin fitar cikin makonni.

In kuma ta titi ce da ba ta yarda a taɓa ta, kana dai ajiye mata abinci, ɗaki ba zai yi mata ba. Abin da zai ƙara mata kwana shi ne a kama ta a kai wa likitan dabbobi ya yi mata fiɗiya da allurar haukan kare, a mayar da ita inda ta saba, a samar mata busasshen wurin kwana da ruwa mai tsabta a gefen da ba ya kallon titi.